PES ɗinka na PPSSPP yana fita da kansa? Lissafa nauyin tekscha kafin ka zargi waya

Idan kana buga PES a PPSSPP, wataƙila ka san wannan matsalar: ka sauke sabon gem mai sababbin riguna da fuskokin 'yan wasa, ka warware shi da ZArchiver, ka kai kowace folda mazauninta, gem ya buɗe lafiya lau, ka zaɓi ƙungiyarka, amma ana gab da take wasa sai ka ga kanka a fuskar waya. Babu saƙon kuskure, babu komai. Gem ya fita kawai.

A nan wajenmu Rimaye, har zuwa Kankia da Kusada, yawancin samari ba sauke gem ɗin suke yi da datarsu ba. Mutum ɗaya ne zai sauke, sauran su karɓa ta Xender a shagon caji ko a majalisa. Shi ya sa za ka ga fayil guda yana yawo a wayoyi goma, yana gudu sumul a uku, yana fita a bakwai. Sai a ce wayar ce ba ta da kyau, har wani ya fara tunanin kuɗin motar zuwa Farm Centre a Kano ya yi canji. Ni kuwa, bayan wayoyin ƙanne da abokai da suka bi ta hannuna, abin da na fi gani shi ne an ɗora wa wayar kayan da ya fi ƙarfin wurin ajiyarta. Kuma lissafin wannan kayan ba shi da wuya, da kalkuletar wayarka ma za ka yi shi.

Mu fara da asalin gem ɗin. PSP na'urar Sony ce da ta fito a Japan a ƙarshen 2004. Sikirin ɗinta fiksil 480 ne a faɗi, 272 a tsaye, kuma ma'ajiyar da aka ware wa ɓangaren hoto 2MB ce kacal. Hoton da ya fi kowane girma da take iya lulluɓa wa abu a cikin gem shi ne 512 sau 512. PES na ƙarshe da Konami ta fitar wa PSP shi ne PES 2014. Ke nan duk wani PES ko eFootball na bana da kake bugawa a PPSSPP tsohon gem ne da masu gyara suka yi wa sabuwar riga. Wani ɓangaren gyaran yana cikin fayil ɗin ISO, wani yana cikin SAVEDATA, amma kwalliyar da ido ke gani tana cikin foldar TEXTURES. Hotunan da ke ciki su ake kira tekscha: ciyawar fili, rigar ɗan wasa, fuskarsa, takalminsa, allunan talla. PPSSPP, wanda Henrik Rydgård ya fara fitarwa a 2012, yana lura da duk hoton da gem ya nema, idan ya ga akwai madadinsa a wannan foldar sai ya ɗauko sabon ya saka.

To ina ake ajiye waɗannan hotunan lokacin da ake wasa? A kwamfutar masu gem akwai katin hoto mai ma'ajiyarsa daban, ita ce VRAM. Idan ka taɓa shiga setin GTA V a kwamfuta za ka ga wani layi da ke nuna maka nawa ka cinye daga cikinta duk lokacin da ka ƙara inganci. Waya ba ta da wannan rumbun na daban. RAM ɗin nan guda ɗaya ita Android ke amfani da ita, ita WhatsApp da Facebook ke zaune a ciki, ita ce kuma ɓangaren hoto ke ɗiba. Babu wani layi da zai gargaɗe ka. Idan wuri ya ƙure, Android yana fara rufe manhajojin da ke bayan fage ɗaya bayan ɗaya, idan bai isa ba ya rufe gem ɗin da kansa. Wannan shi ne fitar da kake gani.

Ga inda mutane da yawa ke ruɗewa. Za ka ji mutum ya ce ai foldar gaba ɗaya 400MB ce, wayata kuma 3GB, ta yaya za ta cika? Girman da ZArchiver ke nuna maka girman hoto ne a matse. Fayil ɗin PNG kamar katifa ce sabuwa da aka naɗe aka ɗaure: a kan babur ba ta cin wuri, amma ba za ka kwanta a kanta ba sai ka kwance ta, a lokacin ne za ka san faɗin ɗakinka. Ɓangaren hoto na waya ba ya aiki da PNG a matse, sai an warware shi, kuma idan an warware kowane fiksil yana cin bait 4: ɗaya na ja, ɗaya na kore, ɗaya na shuɗi, ɗaya na yadda za a iya hango abin da ke bayansa. Saboda haka lissafin shi ne faɗi sau tsayi sau 4.

Ka riƙe waɗannan lambobi huɗu, sun ishe ka:

512 sau 512 yana cin 1MB.
1024 sau 1024 yana cin 4MB.
2048 sau 2048 yana cin 16MB.
4096 sau 4096, wanda ake tallatawa da sunan 4K, yana cin 64MB.

Ka lura, duk lokacin da aka ninka gefen hoto sau biyu, nauyinsa sau huɗu yake ninkuwa, domin faɗi da tsayi duka sun ƙaru. Kuma ba ruwan wannan lissafi da abin da ke cikin hoton. Hoton da kusan duk launi ɗaya ne zai iya nuna maka ƙasa da 1MB a folda, amma in dai 4096 ne, 64MB zai ci idan an buɗe shi. Idan kuma mai gyaran ya haɗa da ƙananan kwafin hoton da ake amfani da su wajen nuna abu daga nesa, ka ƙara kashi ɗaya cikin uku a kai.

Abu na biyu da za ka sani shi ne nawa ke gare ka. Kada ka duba kwalin waya. Idan an rubuta 4GB+4GB, huɗun farko ce RAM ta gaske, ta biyun an yanko ta ne daga ma'ajiyar fayiloli, wadda ta fi RAM nawa nesa ba kusa ba. Tana taimakawa wajen jingine manhajojin da ba ka amfani da su a lokacin, amma hoton da ake zanawa a kan sikirin sau talatin a daƙiƙa ba zai zauna a can ba. Don ganin gaskiyar abin da ya rage, shiga Settings, ka je About phone, ka danna Build number sau bakwai, Developer options zai bayyana. A ciki ka nemi Running services, ka karanta lambar da ke gaban Free. Ka yi wannan bayan ka kashe waya ka kunna, ka rufe komai. Wannan lambar ita ce jarinka.

Bari in ba ka misali da wayar wani ƙanena, domin ka ga yadda ake yi daga farko har ƙarshe. Wayar mai 3GB ce, sikirin ɗinta 720 a gajeren gefe. Da muka kunna ta sabo, Free ya nuna kusan 1,100MB. Daga ciki na ware 300MB don PPSSPP da shi kansa gem ɗin, na kuma bar 200MB a gefe saboda waya ba ta zama shiru, saƙo zai shigo, wani abu zai motsa a baya. Waɗannan biyun ƙiyasi ne da nake aiki da shi, gara ya yi yawa da ya gaza. Abin da ya rage wa tekscha 600MB ke nan.

Sai muka shiga PSP/TEXTURES, cikin foldar da ke ɗauke da lambar gem ɗin. Ba dukkan hotunan folda ake lodawa lokaci guda ba, sai waɗanda wasa ɗaya ke buƙata: fili ɗaya, ƙungiyoyi biyu, ƙwallo ɗaya. Mai gyaran ya raba su folda-folda, saboda haka muka riƙa buɗe hoto muna duba Details don ganin faɗi da tsayi. Ga abin da muka samu:

Fili da wurin zaman 'yan kallo, hotuna 4 masu 4096: 256MB.
Rigunan ƙungiyoyi biyu da na masu tsaron gida, hotuna 4 masu 2048: 64MB.
Fuskokin 'yan wasa 22 masu 1024: 88MB.
Ƙwallo, takalma, allunan talla da allon maki, hotuna 10 masu 2048: 160MB.
Sauran tarkace, wajen hotuna 30 masu 1024: 120MB.

Jimla 688MB. Tun a nan mun wuce 600 ɗinmu. Kuma ba a nan abin ya tsaya ba. Lokacin da gem ke barin wurin zaɓen ƙungiya yana shiga fili, hotunan menu ba su gama fita ba, na fili kuma suna shigowa, sannan kowane hoto sai an fara warware shi a wani wuri kafin a miƙa wa ɓangaren hoto, wato na ɗan lokaci kwafi biyu ne. Shi ya sa gem ɗinsa kullum wuri ɗaya yake fita, daidai lokacin da 'yan wasa za su fito fili. A nan ne kaya ya fi taruwa.

Yanzu me za a rage? Ba wai a goge komai ba. Tambayar da nake yi wa kowane hoto ita ce: wane girma kake da shi a kan sikirin idan ana wasa? Idan ka sa Rendering resolution a 2x, duk abin da kake gani 960 ne sau 544, wato fiksil dubu ɗari biyar da ɗoriya. Hoto ɗaya mai 4096 yana da sama da miliyan 16, ya ninka duk sikirin ɗin sau 32. Ka biya kuɗin buhu, ido yana cin mudu. Fuskar ɗan wasa kuwa, a kyamarar da ake buga wasa da ita, ba ta fi ƙwayar wake ba. Sai a maimaicin ci ne kawai kake ganinta a kusa.

Da wannan ma'auni muka raba. Hotunan ciyawa biyu muka mayar 2048, tunda fili ne ya cika sikirin daga farkon wasa har ƙarshe, suka koma 32MB. Hotunan 'yan kallo biyu muka kai su 1024, babu mai tsayawa kallonsu, suka koma 8MB. Fuskoki muka mayar 512, suka koma 22MB. Ƙwallo, takalma da alluna muka mayar 1024, suka koma 40MB. Tarkacen nan talatin muka mayar 512, suka koma 30MB. Riguna kuma yaron ya ce, "Yaya, don Allah kar ka taɓa mini riguna, saboda su na karɓo gem ɗin." Na ce ba damuwa, akwai wuri, muka bar su a 64MB ɗinsu. Sabuwar jimla 196MB, daga 688. Gem ya daina fita, shiga fili ya yi sauri, kuma a kyamarar wasa ba mu iya nuna inda aka rage ba. A maimaici ne idan ka ƙura ido za ka ga fuska ta ɗan yi laushi.

Ka ga manufar ba ita ce a rage komai daidai wa daida ba. Mafi yawan abin da muka samu ya fito ne daga manyan hotuna huɗu da kuma goman nan na tsakiya. Kullum ka fara da mafi girma: hoto ɗaya mai 4096 da ka mayar 2048 ya ba ka 48MB, daidai da abin da za ka samu idan ka rage fuskoki goma sha shida.

Wajen rage girman akwai ƙa'idoji huɗu da in ka karya ɗaya aikin zai lalace. Na farko, ka kwafi foldar gaba ɗaya ka ajiye a wani wuri kafin ka taɓa komai. Na biyu, kada sunan fayil ya canza ko da harafi ɗaya, domin PPSSPP da suna yake gane hoto, ko dai dogon sunan nan mai haruffa da lambobi, ko sunan da aka rubuta a cikin textures.ini. Manhajojin rage hoto da yawa suna ƙara wata kalma a ƙarshen suna, ka duba ka cire. Na uku, ka rage faɗi da tsayi tare, rabi da rabi ko kwata da kwata, kada 2048 sau 1024 ya koma mai kusurwa daidai. Na huɗu, ya fita a PNG kamar yadda ya shiga. Idan ya koma JPG, PPSSPP ba zai karanta shi ba, kuma ko ka sake mayar da shi PNG, ɓangaren da ya kamata a hango bayansa zai cike, sai ka ga raga ta zama bango ko allon maki ya samu baƙin akwati. Saboda haka ma kada ka tura wa kanka tekscha ta WhatsApp a matsayin hoto, zai matse shi ya canza shi.

Duk manhajar da ke rage hotuna da yawa lokaci guda ta kuma bar su a PNG za ta yi. Idan kana da kwamfuta mai ImageMagick, ko kana amfani da Termux, ka shiga foldar da kake son ragewa ka rubuta:

```
mogrify -resize 50% *.png
```

Wannan umarnin yana rubutawa ne a kan ainihin hotunan, babu komawa baya, kuma idan ka buga shi sau biyu zai rage sau biyu. Folda ɗaya-ɗaya za ka bi, ka gwada gem bayan kowace.

Akwai kuma setin cikin PPSSPP guda biyu da ake yawan haɗa su alhali aikinsu daban. Rendering resolution ba ya cin RAM sosai: a 2x, hoton sikirin ɗaya kusan 2MB ne, a 4x kusan 8MB. Ko da an riƙe irinsa da yawa bai kai hoton ciyawa ɗaya mai 4096 ba. Abin da yake ci shi ne ƙarfin waya da batir. Don haka rage shi zuwa 1x yana maganin jan ƙafa, amma da wuya ya hana gem fita idan tekscha ce ta cika wuri. A sikirin mai 720, 2x ya wadatar, 3x ma ya riga ya wuce abin da sikirin ɗin zai iya nunawa. Upscale level, wanda ke ƙarƙashin Texture scaling, shi ne mai cin wuri, domin yana ɗaukar hotunan gem na asali yana kumbura su, kuma ka riga ka san lissafin: ninki biyu, nauyi huɗu. Idan kana amfani da foldar tekscha, ka bar shi a Off.

Kafin ka fara yankan hotuna dai, ka tabbatar cutar da kake magani ita ce ke damun wayar. Gwajin mai sauƙi ne. Shiga Settings na PPSSPP, Tools, Developer tools, ka cire alamar da ke kan Replace textures, ka buga wasa ɗaya. Gem zai yi muni, wasu riguna ma za su rikice, kar ka damu. Idan ya daina fita, tekscha ce. Idan ya ci gaba da fita a wuri guda, ka zargi ISO ko SAVEDATA, wataƙila fayil ya yanke wajen turawa. Wata alama ta ƙarancin RAM ita ce waƙar da kake saurare a baya ta mutu da kanta kafin gem ya fita, ko ka koma WhatsApp ka tarar yana buɗewa daga farko.

Idan kuwa gem ba ya fita, amma yana fara gudu lafiya sai bayan kwata ɗin awa ya soma nawa, kuma bayan wayar ya yi zafi, wannan ba wuri ba ne, zafi ne. Waya tana rage gudun kanta don kada ta ƙone, kuma a watan Afrilu na ƙasar Katsina, musamman in tana jikin caji, ba ta daɗewa take kai wa nan. Maganinsa cire riga, cire caji, da rage Rendering resolution. Idan kuma 'yar tsayawa yake yi ta daƙiƙa ɗaya duk lokacin da sabon abu ya bayyana, kamar farkon maimaici, wannan lokacin warware babban PNG ne, rage girman hoto yana taimaka masa shi ma. Idan sababbin riguna ba su fito ba sam, to sunan foldar ne bai dace da lambar gem ba. Ka danne hoton gem ɗin a PPSSPP na ɗan lokaci, za ka ga lambar, haruffa huɗu irin su ULES ko ULUS da lambobi biyar, ka kwatanta da sunan foldar.

Ga mai son ganin ainihin lamba ba ƙiyasi ba, idan akwai kwamfuta da kebul, ka kunna USB debugging, ka shiga wasa, sannan a kwamfutar ka rubuta:

```
adb shell dumpsys meminfo org.ppsspp.ppsspp
```

Ka duba layin Graphics da na TOTAL, a kilobait suke. Ka auna sau ɗaya a menu, sau ɗaya a tsakiyar wasa, bambancin zai nuna maka nauyin filin da ka zaɓa.

Akwai hanya ta biyu ta samun wuri ba tare da rage girman hoto ba, amma ta masu haɗa tekscha ce fiye da masu bugawa. Tun sigar 1.15 da ta fito a 2023, PPSSPP yana karɓar tekscha a tsarin KTX2 da DDS, waɗanda ɓangaren hoto ke iya aiki da su a matse. Hoton da PNG ɗinsa zai ci 16MB yana iya tsayawa a 4MB. Ga waya KTX2 ne ya fi dacewa, domin matsin da aka saba sawa a DDS na katin kwamfuta ne, wayoyi da yawa ba su san shi ba. Idan ka samu gem iri biyu, ɗaya PNG ɗaya KTX2, kuma PPSSPP ɗinka sabo ne, ɗauki na biyun.

Abu na ƙarshe, game da ɗora gyara a kan gyara. Lissafin da ka yi na wasa ɗaya ne, da fili ɗaya. Ranar da ka karɓo sabon fili ko sabon allon maki daga wani ka zuba a foldar, jimlar ta canza, kuma sau da yawa gem zai riƙa fita a wannan filin kaɗai, sauran lafiya. Ka rubuta lambobi biyu a wani wuri a wayarka: abin da ya rage maka na tekscha, da jimlar da kake kai yanzu. Duk sabon abin da zai shiga, ka buɗe Details, ka ninka faɗi da tsayi da 4, ka ga ko akwai masa wuri. Idan kuma za ka tura wa mai waya 2GB, ka tura masa foldar da ka rage, ba ta asalin ba.